Gonar da Ke Ciyar da Kai da Gonar da Ke Cin Ka

Idan kaka ta yi, ka shiga kowane ƙauye a yankin Giwa ko Soba ko Saminaka, abu ɗaya za ka gani a zaure da tsakar gida: buhunan masara jibge har kusa da rufi. Ka tambayi maigida yadda damina ta kasance, zai ce maka, "Alhamdulillahi, bana na samu buhu talatin da biyar." Ka ƙara da cewa, "To Baba, nawa ka kashe?" Nan zai yi shiru, ya ɗaga kai sama, ya fara lissafin taki, ya tsaya a nan. In ka matsa ka ce cikin gonakin nan uku wacce ta fi kawo riba, sai ya yi dariya ya ce, "Ai duk aljihu ɗaya ne, ɗan nan."

Aljihu ɗaya ne kuwa, kuma a nan matsalar take. Da zarar buhunan gonar tudu sun haɗu da na gonar haya a ɗaki guda, shaida ta ɓace. Gonar da ta yi riba ta rufa wa wadda ta yi asara asiri, maigida kuma zai sake biyan kuɗin hayar badi yana ganin ya ci gaba. Maganin wannan bai wuce takarda ɗaya mai layuka ba, wadda malaman gona ke kira jadawalin lissafin gona. Kowace gona da gurbinta: girmanta, ranar da aka shuka ta, abin da ta ci, abin da ta bayar, da abin da ya rage.

Manomi ɗaya, gonaki uku

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wani manomi ne a ƙasar Zazzau mai gonaki uku. Akwai ta tudu wadda ya gada, akwai wata ƙarama a bakin rafi, sai kuma wadda ya karɓa haya a bana. Farashin da ke cikin jadawalin nan na misali ne kawai don lissafi ya fito sarari. Kowa ya sa na kasuwar garinsu a ranar da ya saya ko ya sayar.

| | Gonar Tudu | Bakin Rafi | Gonar Haya |
|---|---|---|---|
| Abin da aka shuka | masara | waken suya | masara |
| Girma | eka 2½ | eka 1 | eka 1½ |
| Ranar shuka | 12 Yuni | 28 Yuni | 9 Yuli |
| Kuɗin haya | babu | babu | 45,000 |
| Iri | 40,000 | 20,000 | 25,000 |
| Taki | 260,000 | 25,000 | 130,000 |
| Maganin ciyawa da ƙwari | 40,000 | 10,000 | 30,000 |
| Huɗa da noma | 150,000 | 55,000 | 90,000 |
| Girbi, casa, buhuna, dako | 70,000 | 30,000 | 30,000 |
| Jimillar kashewa | 560,000 | 140,000 | 350,000 |
| Amfanin da aka samu | buhu 22 | buhu 5 | buhu 8 |
| Farashin buhu a kaka | 35,000 | 60,000 | 35,000 |
| Kuɗin amfani | 770,000 | 300,000 | 280,000 |
| Riba ko asara | riba 210,000 | riba 160,000 | asara 70,000 |

Idan mutumin nan ya haɗa komai a dunƙule, ya kashe naira 1,050,000, ya samu amfanin naira 1,350,000. Ribar 300,000 ke nan, kuma ba wanda zai ce bai yi noma ba. Amma da aka raba lissafin gona-gona, sai ga shi ribarsa ta gaskiya 370,000 ce daga gonaki biyu, ta ukun ta zo ta yagi 70,000. Da ya bar gonar hayar nan ya kwanta a inuwa, da ya fi samun kuɗi. Wannan ne abin da lissafin dunƙule ba zai taɓa nuna masa ba.

Suna da awo tukuna

Aikin yana farawa tun kafin ruwa ya sauka. Kowace gona a ba ta sunan da kowa a gidan ya san ta da shi, kada a canza. Idan gona ɗaya ce babba amma an raba ta, rabi masara rabi dawa, to gona biyu ce a takarda.

Sai girma. A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu, domin abin da ake kira eka a bakin mai bayar da haya sau da yawa bai kai eka ba. Eka ɗaya fili ne mai kusan mita 64 a tsaye da 64 a kwance. Hekta kuwa mita 100 ce a kowane gefe, wato kusan eka biyu da rabi. Igiya mai tsawon mita 50 da yara biyu sun isa a auna gona mai kusurwa huɗu cikin safiya ɗaya. Wadda ta karkace kuma, malamin gona na iya zagaya ta da waya ya faɗi girmanta. Sau ɗaya ake wannan wahala, a mora shekara da shekaru.

Amfanin awon shi ne a iya gwada babbar gona da ƙarama ba tare da an zalunci ɗaya ba. Duba misalinmu. Gonar tudu ta fi kowacce riba, 210,000. Amma eka biyu da rabi ce, don haka kowace eka 84,000 ta kawo. 'Yar gonar bakin rafi da ake rainawa, eka ɗaya tak, ta kawo 160,000, kusan ninki biyu ke nan. Buhu biyar ɗin da ba su cika ido ba a kusurwar ɗaki, su ne suka fi kowa aiki.

Me ya sa ake rubuta ranar shuka

Ranar shuka ita ce layin da ake ganin ba shi da amfani, alhali shi ke bayyana sauran. Da farko, daga ita ake ƙirga duk aikin da zai biyo baya. Masara tana son takin kamfa cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan shuka, sannan yuriya a wajen mako na huɗu zuwa na shida. Mai gonaki uku da aka shuka a ranaku daban-daban, in ya dogara da ƙwaƙwalwa, zai zuba wa ɗaya yuriya bayan ta fitar da kai, lokacin da takin ba zai yi mata wani abin kirki ba. Kuɗi ya fita, amfani bai shigo ba.

Na biyu, ranar shuka ke nuna ko irin ya dace da sauran kwanakin damina. Irin masarar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa da sunan SAMMAZ kala-kala ne. Akwai mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, akwai mai kai kwana 110 zuwa 120. Mu ce manominmu iri ɗaya ya shuka a gonakin masarar biyu, mai kwana 115. Ta tudu da aka shuka 12 ga Yuni za ta nuna a farkon Oktoba, ruwa bai ɗauke ba. Ta haya da aka shuka 9 ga Yuli sai farkon Nuwamba, alhali a yankin Zariya ruwa yakan yi sallama a cikin Oktoba. Ke nan tana tsakiyar cika ido ƙasa ta bushe. Zangarniyar za ta fito, amma ƙwayar ta tsumbure, buhu ba nauyi.

Da babu wannan layi, maigida zai ce ƙasar ce ta gaji, ko a ce an sayar masa da jabun taki. Da layin kuwa, ya ga kwana 27 ne tsakanin shukar farko da ta ƙarshe, ya kuma tuna dalili: masu shanun huɗa sun yi masa alkawari sun saɓa, kuɗin iri kuma bai samu ba sai da ya sayar da akuya. Yanzu ya san abin da zai gyara. Ko ya kama masu huɗa da wuri, ko ya nemi iri mai saurin nuna, ko ya sa wake a wurin tunda shi yana jure shukar baya.

A gefen ranar a rubuta sunan irin, a kuma rubuta idan an sake shuka saboda ruwa ya tsaya ko tsuntsu ya tone. Shuka biyu kuɗin iri biyu ne da ƙwadago biyu.

Kuɗin da ke ɓuya

Ba manomin da ke manta kuɗin taki, domin a dunƙule yake fita, yana da zafi. Waɗanda ake mantawa su ne na tsinta-tsinta: kuɗin babur zuwa gona, abincin 'yan ƙwadago, ruwan feshi da aka saya a jarka, zare da allurar ɗinkin buhu, ladan masu lodi. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Dokar ita ce a rubuta a ranar da aka kashe, kafin a kwanta. Abin da aka bari sai Juma'a, rabinsa ya tafi.

Don haka littafi ɗaya na 'yan makaranta ya wadatar, a ware wa kowace gona shafi biyu ko uku. A shafin ana rubuta kwanan wata, aikin da aka yi, da kuɗinsa. Jadawalin da muka gani a sama kuwa sai an gama girbi ake cika shi, a tattaro jimillar daga shafukan. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko ya ɗora wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa aikin bayan sallar isha'i.

Akwai wurare uku da lissafi ya fi karkacewa.

Na farko kayan da aka sayo a haɗe. Manominmu ya sayo kamfa buhu 6 da yuriya buhu 3 rana ɗaya a kasuwa. Idan ya rubuta su a ranar saye, bai san gonar da zai ɗora wa ba. Sai ya jira ranar da aka ɗauka zuwa gona: kamfa 4 da yuriya 2 sun tafi tudu, kamfa 2 da yuriya 1 sun tafi gonar haya. A farashin misalinmu, kamfa 45,000, yuriya 40,000, shi ya ba da 260,000 da 130,000 da ke cikin jadawalin. In an ɗebi rabin buhu an kai wata gona, a rubuta rabin a can. Kayan aiki masu daɗewa kuma, irin su famfon feshi, ana raba kuɗinsu ne bisa shekarun da za su yi. Famfon 30,000 da zai yi damina uku, 10,000 ke nan a shekara, a raba wa eka biyar ɗin, kowace eka ta ɗauki 2,000.

Na biyu guminka da na iyalinka. Nan ake yawan gardama. Maigida zai ce, "Ni da 'ya'yana muka yi noman firi da maimai, sisi ban biya ba." Gaskiya ne bai fitar da kuɗi ba. Amma da samarin nan sun je gonar wani a ranakun, da an biya su. Don haka a rubuta abin da za a biya ɗan ƙwadago kan wannan aikin, a sa alama a gefe cewa aikin gida ne. Haka gayya: tuwon da aka dafa da goron da aka raba kuɗi ne. Haka takin gargajiya daga turken gida, da irin da aka ɗebo daga rumbu, kowanne a yi masa kuɗin kasuwa.

Na uku kuɗin da aka biya tun da rani. Hayar gona ana biya ne tun kafin damina, zuwa kaka an manta da ita.

Ka ga yadda waɗannan biyun na ƙarshe ke juya lissafi. A gonar haya, cikin 90,000 na huɗa da noma, mu ce 50,000 aikin 'ya'yan gida ne. Idan maigida ya bar shi, ya kuma manta hayar 45,000 da ya biya tun watan Maris, zai ga kamar 255,000 kawai ya kashe. Ya cire daga 280,000, sai ya ga "riba" ta 25,000. Gonar da ta cinye masa 70,000 ta zama mai riba a idonsa, har ya yi sha'awar ƙara wata hayar.

A ƙirga kafin a taɓa

Amfanin gona yana fara zurarewa tun yana gona. An karya ɗanya an gasa, an ba mai unguwa, an sallami matan da suka yi ɓara da tiya-tiya, an kai wa surukai. Duk wannan gonar ce ta haifar, kuma dole a rubuta mata. In ba haka ba, gonar da ke kusa da gida, wadda hannu ya fi kai wa, kullum za ta fito kamar ita ce raguwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a casa amfanin kowace gona daban, a ƙirga buhunanta a wurin, a rubuta harafin farko na sunanta a jikin buhu da gawayi ko fenti kafin a ɗora a mota. Mudun awo kuma ya zama ɗaya. Buhun masara da ake kira mai kilo 100 tiya 40 ake lissafa shi a kasuwanni da yawa, amma wani buhun an danna shi har da toliya, wani kuma ya yi ragwas. A auna da tiya ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma sai hatsin ya bushe, domin ɗanyen hatsi nauyin ruwa ne, zai rage. Mai gero ko dawa da ke lissafi da dami, ya sussuke dami uku ko huɗu ya ga tiya nawa suke bayarwa, sannan ya san abin da ke rumbunsa.

Gonar da aka haɗa shuka, kamar gero da wake, shafinta ɗaya ne wajen kashewa, amma wajen amfani kowanne da layinsa. Kada a manta harawa da kara. Mai kiwo ya san harawar wake kuɗi ce, musamman idan rani ya yi nisa, kuma wani lokaci ita ke fitar da gona daga asara.

Wane farashi za a sa? Na kaka, na makon da aka gama casa, ko an sayar ko ba a sayar ba. Abin da aka ci a gida ma da wannan farashin za a lissafa shi. Idan mutum ya ajiye buhunansa zuwa bazara ya kai Dawanau ya sayar da tsada, ƙarin da ya samu ribar ajiya ce, tana da nata lissafin na maganin ƙwari da haya da dako. In aka cakuɗa su, gona mara kirki za ta ɓuya a bayan tashin kasuwa.

Ƙirga kafin a taɓa yana da wata fa'ida ga musulmi. Zakkar amfanin gona kashi ɗaya cikin goma ce ga abin da ruwan sama ya shayar, kashi ɗaya cikin ashirin ga na ban ruwa da wahala, idan ya kai nisabi. Ana kuma haɗa amfanin iri ɗaya daga duk gonakin mutum. Manominmu masara buhu 30 ya samu a gonaki biyu, zakkarta buhu 3. Ribar da ke cikin jadawalin kafin a fitar da ita ce, sai a ba ta nata layin a ƙasa.

Nawa buhu ɗaya ya tsaya maka?

Cikin duk alƙaluman, akwai ɗaya da ya kamata manomi ya riƙe a ka idan zai shiga kasuwa. A raba jimillar kashewa da yawan buhuna. A gonar tudu, 560,000 a raba gida 22, kowane buhu ya tsaya masa kusan 25,500. A gonar haya, 350,000 a raba gida 8, buhu ya tsaya masa 43,750. Masara iri ɗaya, hannu ɗaya, damina ɗaya, amma wani buhun ya kusa ninka wani tsada.

Wanda ya san wannan, idan dillali ya taya masa 30,000, ya san a masarar tudu yana da sauran numfashi, a ta haya kuwa kowane buhu zai tafi da 13,750 daga aljihunsa. Yana kuma iya juya lissafin tun kafin ya biya hayar badi: in zan kashe 350,000, buhu kuma 35,000, sai na samu buhu 10 kafin in mayar da uwar kuɗi. Gonar nan ta taɓa ba wani buhu 10? In ba ta taɓa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Inda takardar ta tsaya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa darasin shi ne a watsar da masara a koma waken suya gaba ɗaya. Damina ɗaya ba ta isa a yanke wa gona hukunci ba. Wata shekarar tsutsar nan mai cin masara, wadda ta bayyana a Najeriya a 2016, ita za ta yi ɓarna. Wata shekarar ruwa ne zai kwanta a bakin rafi ya ruɓar da waken. Farashin waken suya ma yana hawa yana sauka. Sai an jera damina uku ana rubutawa sannan halin kowace gona ke fitowa, a gane wadda tsautsayi ya faɗa wa da wadda asara ta zame mata ɗabi'a.

Wajen gwada shekara da shekara kuma, naira ba abin dogaro ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dako da huɗar tarakta da na feshi duk sun sauya, ribar 100,000 ta bana ba ita ce ta shekara uku da suka wuce ba. Abin da ba ya ruɗi shi ne buhu nawa eka ta bayar, da kuma buhun masara nawa ake sayarwa kafin a sayi buhun taki ɗaya. Gonar tudu ta ba da kusan buhu 9 a eka, ta haya buhu 5 da ɗan kai. Waɗannan su za a ajiye a gwada da na badi.

Akwai kuma abin da layin riba ba ya gani. Waken suya yana barin ƙasa da ƙarfi, yana kuma rage wuta-wuta, don haka masarar da ta biyo bayansa tana cin moriyar da ba a rubuta masa ba. Gida kuma tuwo yake ci, mai iyali ba zai bar hatsi don waken ya fi riba ba. Saboda irin waɗannan ake barin fili a ƙasan kowane shafi a rubuta abin da ya faru da baki: ruwa ya tsaya kwana 12 a Yuli, shanu sun shiga ta gabas, wuta-wuta ta yi yawa a kusa da tsamiya.

Idan rani ya yi, mai gonar haya zai aiko a ce lokacin biya ya yi. A da maigida zai ce to, ya kama akuya. Bana kuwa zai ce wa ɗansa, "Ɗauko mini littafin nan." Yaron ya buɗe shafin, ya karanta: an shuka 9 ga Yuli, buhu 8, kowane buhu 43,750. Daga nan maigida yana da zaɓi uku a gabansa, ko ya nemi ragi, ko ya karɓa da sharaɗin zai huɗe ta a farkon Yuni, ko ya ce a gaida mai gona, bana ya hutar da shi.